Inda Daɓenmu Ya Tsaya

Hajiya mai abinci ta bakin tashar Kalgo ce ta tofar da shinkafar Innata a gabana. Ta ɗebi loma daga tukunyar da ta dafa, ta tauna sau biyu, sai na ji ƙaras daga inda nake tsaye. Ta dafe kunci, ta juya ta tofar a gindin murhu.

"Ke ɗiyar nan, shinkafa Innarki ke aiko mini ko yashin gini?"

Na ce mata ai an tsince.

"An tsince? Direba guda jiya ya kusa barin haƙorinsa a kwanona. Ki faɗa mata ina jin nauyinta, amma in buhu na gaba ya zo haka, daga Wurogauri zan koma saye. Su ma hannu gare su."

Ban ba ta haƙuri ba, ban kuma musa ba, domin gaskiya ta faɗa. Na ɗauki buhun da ba komai a ciki na tafi.

A lokacin ina zaune a Kalgo wajen Goggona, ina tsare shagon siminti na mijinta tun da na gama sakandare. Inna kuwa tana Gwandu, a gidan da mahaifinmu ya rasu ya bar ta, gida ɗaya da ƙanensa, Baffa, wanda yanzu shi ne babba. Sana'arta gumi. Takan sayi shinkafa da ɓawonta, ta jiƙa, ta turara a rabin ganga, ta shanya, sannan a kai inji a ɓare. Hajiya ce ke saye kusan duka. Da ita muke ci, da ita ƙannena ke zuwa makaranta. In Hajiya ta juya baya, sai dai Inna ta koma sayar da mudu-mudu a ƙofar gida, a unguwar da kowace mace ke da tata shinkafar.

Kuma na san inda yashin ke shiga. Wajen shanya ne. Inna na shanya a tsakar gida kan wani tamfol da ya fi ni tsufa, duk huji. Kana jan manjagara don juya shinkafar, ƙasa na hawowa ta ƙasa. Injin unguwarmu kuwa ɓawo kawai yake cirewa, tsakuwa da yashi ba ruwansa da su.

A bayan ɗakin Inna akwai wani tsohon daɓe na kankare. Baba ya zuba shi da niyyar ɗora ɗakuna biyu, Allah bai nufa ba. Yana nan shekara da shekaru, tsakuwa ta fito masa kamar ƙuraje, nan tudu nan rami, awaki na kwana a kai. Ba a iya shanya a kansa haka, don shi ma zubar da yashi yake. Amma ƙarfinsa na nan. Abin da yake so kawai a shimfiɗa masa sabon kwaɓi a sama, a goge shi sumul.

Na tafi Gwandu da tef ɗin awo na shago. Tsawo mita shida, faɗi mita biyar. Na kira maginin unguwarmu, wani dattijo da ya gina rabin ɗakunan layinmu, ya zo ya ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, ya tsuguna yana leƙen ƙarƙashinta. Ya ce daɓen dama ya ɗan karkata wajen rariya, ruwan sama zai bi ya fita, sai a bi karkatar yadda take. Amma kauri sai an ba shi inci biyu. In aka rage, inda tsakuwa ta yi tudu abin da zai rufe ta ba zai fi fatar albasa ba, rana ɗaya za ta fasa shi.

Inci biyu, santimita biyar ke nan. Shi ya yanke, ba ni ba. Ina so a riƙe wannan.

Sauran lissafin ni na yi, a jikin bango da gawayi. Shida sau biyar, talatin. Talatin a kaurin santimita biyar, kwaɓin da zai cika akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe sau ɗaya da rabi ke nan. Wannan duk wanda ya zauna a aji ya san shi. Abin da ba a koya mana a aji ba, wanda na koya a bakin shago wajen masu gini, shi ne busasshen kaya ba ya tsayawa yadda aka auna shi. Siminti gari ne, shigewa yake cikin ƙofofin yashi, in aka sa ruwa aka danne sai kayan su zauna. Dole ka ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku. Ɗaya da rabi ta koma kusan biyu. Daɓen da za a riƙa jan manjagara a kansa cikin rana kuwa, siminti ɗaya ne yashi huɗu. Buhu guda kwanon gini biyu ne, don haka kowane buhu yashi kwano takwas, kuma abin da zai rufe bai kai mita uku ba. Buhu goma sha ɗaya. Na ƙara ɗaya don ruwan simintin da za a fara shafa wa tsohon daɓen, da abin da ke zubewa. Sha biyu. Yashi kwano casa'in, ko da ɗan ɗori.

Inna ta kalli bangon ta ce, "Duk wanga rubutu na daɓe ɗaya ne?"

Na ce, "Na haƙorin Hajiya ne."

Ta sayar da ragunanta biyu. Na sayi siminti a shagonmu na Kalgo, na sa a mota, aka sauke a zauren gidanmu na Gwandu, aka jera kan katako don kada ya ja sanyin ƙasa. Yashi kuma mai amalanke ya kawo daga rafi ta wajen Kambaza, mai kaifi, wanda in ka murza a tafin hannu ba ya barin laka. Muka sa rana da magini. Na koma Kalgo ina jin na gama da wannan.

Da na dawo ana gobe aiki, ko jakata ban ajiye ba na tsaya a zaure na ƙirga. Takwas. Na sake ƙirgawa ta ƙasa. Takwas.

Na shiga ciki na tarar da Inna tana tankaɗe. Ban ko gaishe ta da kyau ba.

"Inna, ina huɗu?"

Ba ta ɗago ba. "Ki zauna ki sha ruwa tukun."

"Ina huɗu?"

"Baffanku ya ɗauka. Ɗakin yayanki."

Ɗan Baffa na fari zai yi aure, an gina masa ɗaki, saura daɓe. Baffa ya wuce ta zaure ya ga siminti jere. A gidanmu abin da ke zaure na gida ne. Tsani, baro, tabarmar baƙi, ba wanda ke neman izini kafin ya taɓa. Ya tambayi magini ko takwas za su rufe wajen shanyar nan, magini ya ce za su rufe. Shi ke nan, a wurin Baffa huɗun nan rara ce, yarinya ce ta yi ɓarna wajen saye, shi kuma ya gyara. Har ya aiko wa Inna da goro, wai an gode.

Na same shi a ƙofar gida bayan la'asar yana kan tabarma da rediyonsa. Na durƙusa, na gaishe shi yadda aka koya mini, har ƙasa. Sannan na ce, "Baffa, simintin Inna ne kuka ɗauka."

"A'a, ɗiyata, an ara dai. Kuma ba wanda ya rage. Magini ya ce takwas sun isa."

"Ba su isa ba."

Ya rage muryar rediyo. "Mi kika ce?"

"Na ce ba su isa ba, Baffa."

"Ke kika san gini ko shi? Mutumin da ya yi daɓen ɗakin da aka haife ki?"

"A ɗakin da aka haife ni ba a shanya shinkafa."

Ya dube ni kamar akuya ce ta yi magana. Sannan ya yi dariya, irin wadda manya ke yi in ba su son a ga ransu ya ɓaci. "Tashi ki shiga ciki. Zaman shago ya sa kin fara ganin kanki injiniya. Gobe za a rufe wurin nan kaf, ki gani da idonki."

Na tashi, don in na ƙara kalma ɗaya wadda za ta fito ba ta gaisuwa ba ce.

Da safe magini ya zo da leburori biyu. Aka share tsohon daɓen, aka kankare kashin awaki, aka wanke, aka jiƙa shi. Aka tace yashi da raga. Lebura ya farke buhun farko ya juye, ya fara ɗibar yashi. Ina tsaye ina ƙirgawa a fili. Da ya juye kwano na takwas ya juya zai ƙaro, na taka kwanon da ƙafa.

"Ya isa."

Ya dubi magini. Magini ya ce, "Ƙaro huɗu."

Na ce, "Baba, sha biyu za ku sa wa buhu?"

"Sha biyu mana. Buhu takwas, kwano sha biyu-sha biyu, zai kai har bango. Ba yau na fara ba, ɗiyata. In mun gama sai in barbaɗa masa busasshen siminti a sama, in goge da cokali, ki ga yana ƙyalli kamar faranti."

Ba ƙarya ya yi ba. Da sha biyu zai kai bango, ni ma na lissafa haka a hanya. Haka ake daɓen ɗaki a garinmu, a shimfiɗa leda a kai, a ɗora gado, shekara ashirin ba wanda zai san abin da ke ƙasa. Amma ni na sha ganin irin wannan daɓen a waje, a barandar shaguna a Kalgo. Ƙyallin nan ɓawo ne. Rana ta buga, ruwa ya buga, ya fara tashi kamar ɓawon gyaɗa, abin da ke ƙasa kuma ko da farce ka karce sai yashi ya biyo ka. Siminti ɗaya yashi shida ke nan, simintin bai isa ya kama kowace ƙwayar yashi ba.

Na ce masa, "Baba, ku faɗa mini don Allah. In aka ja manjagara a kansa kullum, damina ɗaya, rani ɗaya, zai zubar da yashi ko ba zai zubar ba?"

Ya sosa ƙeya da gindin cokalinsa. "To, kowane daɓe ai yana tsufa."

"Zai zubar ko ba zai zubar ba?"

"Zai ɗan yi gari."

"To garin nan a cikin shinkafa zai ƙare. Mun sayar da raguna biyu don mu sayi yashin da muke samu kyauta a tamfol ke nan."

Ɗaya leburan ya ƙyalƙyale da dariya, magini ya harare shi.

"To a rage kauri," in ji magini. "A yi takwas ɗinki, a ja shi ya kai."

"Ku kuka ce in an rage zai fashe a kan tudu. Ko igiyar ta canja magana?"

Magini ya kau da kai. Dattijon kirki ne, bai iya musun abin da ya faɗa da bakinsa.

Na ɗauki tef da gawayi. Daga bangon ɗakin Inna na auna mita huɗu ta wannan gefe, mita huɗu ta wancan, na ja layi baƙi ya raba daɓen. Huɗu sau biyar, ashirin. Buhu bakwai da kusan rabi, sauran na ruwan shafi. Na ce, "Nan za a tsaya. A kafa katako a nan. Inci biyu, kwano takwas. Abin da ya rage a bar shi yadda mahaifina ya bar shi."

Kafin a ce haka labari ya kai ƙofar gida. Baffa ya shigo yana gyara hula, matan gida suka leƙo ta katanga, har maƙwabta.

"Mi ke nan? Wa ya ja wanga layi?"

"Ni ce, Baffa."

"Rabin daɓe za a yi a gidana? Ana biki sati mai zuwa, baƙi daga Maruda, daga Birni, su shigo su ga an fara aiki an kasa? Su ce mi? Su ce na bar matar ɗan'uwana da guntun daɓe?"

Nan ne abin yake yi masa ciwo, kuma na sani. Cikakken daɓe, ko da na gari ne, zai rufe maganar buhu huɗu har abada. Guntu kuwa kullum yana nan yana faɗa.

Na ce, "Ba rabi ba ne, kashi biyu cikin uku ne. Ragowar na ɗakin Yaya."

Wata daga cikin matan ta ce, "La ilaha!" Wata ta ce, "Wannan ɗiya bakinta zai hana ta miji."

Baffa ya juya ga magini. "Malam, ka rufe shi duka. Ni na ce."

Na shiga kicin na ɗauko gwangwanin madara da roba. Ban san me ya sa na yi zaton zai yi amfani ba. Na auna siminti gwangwani ɗaya, yashi huɗu, na ce, "Baffa, nawa ke nan?"

"Kada ki mayar da ni yaro."

"Biyar ne." Na zuba ruwa kaɗan, na kwaɓa, na riƙa cika gwangwanin ina dannawa ina juyewa. Uku suka fito cif, na huɗun bai cika ba. "Kun gani? Biyar ta koma ƙasa da huɗu. Ban sayi sha biyu don ɓarna ba. Ba rara a ciki."

Ko kallon gwangwanin bai yi ba. Ya ce, "Ni za ki yi wa wasan yara a gaban mutane? Malam, zuba yashi."

Leburan ya sunkuya zai ɗauki kwano. Na zauna a kan buhunan da suka rage, na naɗe hannu. Na ce duk wanda zai farke buhu na biyu sai ya ɗaga ni. Ban kuwa tashi ba. Na san dai ba zan ci wannan ni kaɗai ba. Baffa na iya sa a ɗaga ni ɗin, kuma ba wanda zai ce ya yi laifi.

Duk wannan abin Inna na bakin ƙofar ɗakinta tana kallo. Tun da Baba ya rasu ban taɓa jin ta musa wa Baffa ba. Ko sunansa ba ta faɗa. In ya shigo sai ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Har na fara jin haushinta, ina cewa a raina ragunanki ne fa, ba nawa ba.

Sai ta shiga ɗaki. Na ce shi ke nan, ta gudu. Ta fito da 'yar kujerarta ta tsuguno da faifai da kwaryar shinkafa. Ta taka jiƙaƙƙen daɓen a hankali, ta tsallake layin gawayina, ta ajiye kujerar a ɓangaren da na ce a bari. Ta zauna, ta gyara zane, ta zuba shinkafa a faifai ta fara tsinta.

Baffa ya ce, "Ke kuma lafiya?"

Ba ta ɗago ba. Da faifan take magana. "Nan nake tsintar tsakuwa, Malam. Na saba. In za a zuba kwaɓi nan, a zuba, ni dai ban gama ba."

Ba wanda ya yi dariya. Baffa ya tsaya yana kallon ƙeyarta. Yana iya sa a ɗaga ni, amma ba ya iya sa leburori su taɓa matar yayansa, kuma ba ya iya yi mata tsawa a gaban maƙwabta ana saura mako biki. Ya ce, "To. Ku yi abin da kuka ga dama, ku da ɗiyarki." Ya fita, rigarsa na kaɗa ƙofar langa-langa.

Magini ya yi ajiyar zuciya, ya ce wa leburan, "Kawo katako."

Daga nan aiki ya tafi, kuma dattijon nan ya yi shi kamar nasa. Ya kafa katako a kan layin, ya tokare da bulo. Ya ɗora 'yan tudun kwaɓi nan da can daidai inci biyu don su zame masa ma'auni. Aka dama siminti da ruwa aka shafe tsohon daɓen da tsintsiya, kaɗan-kaɗan, daidai inda za a zuba kafin ya bushe. Ni ce mai ƙirga kwano, ban bar wa kowa ba. Takwas, a juya busasshe har launin ya zama ɗaya, sannan ruwa. Leburan na son ya malala ruwa don shebur ya yi masa sauƙi, na hana. Magini ya goyi bayana a nan, ya damƙi kwaɓin ya matse, ya buɗe hannu ya nuna masa: ya dunƙule, ba ya ɗiga. "Haka nake so." Ya zuba, ya bubbuga, ya ja dogon katako a kai, ya bi da cokali yana gogewa har fuskar ta rufe. Da ya miƙa hannu wajen busasshen siminti don barbaɗawa, ya dube ni, ya janye hannun.

"Na sani, na sani, injiniya."

Buhu na takwas ya ƙare a kusurwar ƙarshe. Abin da ya rage bai cika kwano ba. Magini ya kalli kwanon, ya kalle ni. Inna ba ta tashi daga kujerar nan ba sai da aka wanke shebur.

Ban koma Kalgo ba sai da na yi mako ina ba daɓen ruwa safe da yamma, na lulluɓe shi da tsofaffin buhuna don rana kada ta shanye shi ya tsage. Ruwan ma daga rijiya nake ja. Biki ya same ni a haka. Mata sun shigo da kwalliyarsu, suna tsayawa a kan guntun suna tambaya, "A'a, nan kuma siminti ne ya ƙare?" Ni kuma in ce, "E, ya ƙare." Ba na ƙarawa. Inna ta ja ni ɗaki ta ce in rufa mata asiri in daina amsawa. Ta kuma yi mini faɗan abin da na yi wa Baffa, faɗa sosai, wai ko gaskiya gare ni ba a zama kan buhu a gaban uba. Na ce ita fa da ta zauna kan kujera? Ta ce ita tsinta take.

Baffa ya daina amsa gaisuwata. Ina durƙusawa in gaishe shi, ya ƙara muryar rediyo. Ban fasa durƙusawa ba, ban kuma ba da haƙuri ba.

Da daɓen ya yi ƙwari Inna ta turara shinkafa. Wurin bai ɗauki abin da muka so ba, dole ta raba turarar biyu, ta shanya wannan ta kwashe kafin ta shanya wancan. Aikin ya ƙaru, itace ya ƙaru. Wannan shi ne abin da buhu huɗun suka ci mana, kuma har yau tana biyansa da bayanta. Amma na ja manjagara da kaina daga bango zuwa baki, na share da tsintsiya, na shafa tafin hannu a ƙasa na duba. Ba komai sai ƙaiƙayi.

Ni na kai wa Hajiya buhun. Ba ta amsa sallamata da fara'a ba. Ta kwance bakin, ta zura hannu har gwiwa ta ɗebo daga can ƙasa, inda yashi ke taruwa. Ta zuba a faranti, ta kai bakin rumfa wajen haske, tana bazawa da yatsa. Ta daɗe. Ta zuba ruwa a kwano ta wanke, ta rairaye, ta tsiyaye, ta duba gindin kwanon. Sannan ta jefa 'yan ƙwayoyi a baki ta tauna ɗanye.

"Wannan daga ina?"

"Daga inda kike saye."

"Innarki ta sayi injin tsinta ne?"

"Daɓe ta yi."

Ta sake duba gindin kwanon, kamar tana jin haushin ba ta samu abin faɗa ba. "To. Ki ce mata ta ƙara mini buhu ɗaya a kan na kullum. Kuma ke ki koyi sakin fuska, kina kawo kaya kamar mai kawo sammaci."

Daɓen ɗakin Yaya, wanda aka yi da sha biyu-sha biyu, yana nan lafiya a ƙarƙashin leda, iyakar sanina. Ba wanda ke jan manjagara a kai.

Bayan damina Baffa ya aiko a faɗa wa Inna ya samu buhu biyu, magini zai zo ya ƙarasa wurin, a daina ganin abin kunya. Inna ta kira ni a waya ta tambaye ni. Na ce mita biyu sau biyar, goma ke nan, buhu huɗu ne. Biyu ba za su rufe ba sai an koma sha biyu, har da ɗori. Ta ce to me za ta ce masa? Na ce ta ce an gode, a ajiye biyun, in sun cika huɗu a zo. Ban san yadda ta tausasa maganar ba, amma magini bai zo ba.

Bakin daɓen na nan yadda katako ya bar shi, miƙe, inci biyu sama da tsohon kankaren Baba. Baƙo in bai sani ba yakan yi tuntuɓe a wurin. A ɓangaren da ba a rufe ba Inna ta kafa murhun gangarta, kujerarta ma can take zama. Duk zuwana Gwandu, kafin in shiga ɗaki, sai na tsuguna na karci sabon daɓen da makullin shago. Har yanzu bai ba ni ko ƙwayar yashi ba.